Takardar Tsakiya Da Na Cire Daga Bango

Ƙarfe goma sha biyu da minti goma na ranar wata Laraba ce, cikin damina. Mu uku ne a ƙaramin ofishin sayen kaya na masana'antar alewa da nake aiki a Sharaɗa: Alhaji mai masana'antar, da heluma, wato shugaban masu dafa alewa, wani Badamagare mai yawan barkwanci, sai ni. Mutum na huɗu, wanda ofishin nasa ne, ba ya nan. Yana kwance a asibiti, an yi masa aikin yanar ido. Malam muke ce masa, kuma haka zan kira shi a nan.

Kafin in faɗi abin da na aikata, sai na faɗi yadda aikinmu yake, domin ban iya ba da labari daga tsakiya ba.

A shekarun nan, bayan an soke dokar cewa sai da lasisi ake shigo da kaya, Alhaji yana sayen sukari daga wani dillali a London. Yadda suke cinikin shi ne, a ƙulla magana a kan yawan buhuna da watan da za a ɗora wa jirgin ruwa, amma a bar farashi a buɗe. Mu ke da ikon zaɓen rana da sa'ar da za mu aika mu ce a yanke, sai a yanke a kan farashin kasuwar London na wannan lokacin. Akwai wa'adi. In ya cika ba mu yi magana ba, a yanke mana a kan abin da aka tarar. Aikin Malam ke nan, ya ce wa Alhaji "yanzu" ko ya ce "a dakata". Ni kuwa, akawun ofishin, aikina in tsaya a kan teleks, na'urar da ke buga saƙo a takarda, in yago farashin da dillali ke aikowa, in zana shi a takarda mai gidan dara da fensir da rula.

Takardu uku ne a bango, kowace da ƙusarta. Ta hagu ta mako ce, sanda ɗaya duk Juma'a. Ta tsakiya ta kwana ce, sanda ɗaya kowace rana, daga mafi tsadar da aka kai zuwa mafi arha, da ɗan gutsuren layi a farashin da aka rufe kasuwa a kai. Ta dama ta sa'a ce. Wannan ba kullum muke zana ta ba, domin teleks ba kyauta ba ne. Sai wa'adi ya matso Malam ke sa dillali ya riƙa aiko mana duk sa'a.

Da na zo ofishin sabo, karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba. Malam ya zaunar da ni ya koya mini da haƙuri. Ya ce farashi ba ya tafiya a miƙe, sai ya hau tudu ya gangara kwari. In kowane tudu ya fi na bayansa tsawo, kowane kwari kuma bai kai na bayansa zurfi ba, to hawa ake yi. In akasin haka ne, sauka ake yi. Ya ce ta kwana ita ke faɗin inda aka nufa. In tana sauka, mai saye ba ya gaggawa, domin gobe za ta iya fin yau sauƙi. In ta juya tana hawa, sai a koma ga ta sa'a, a jira farashi ya ɗan ja baya, ya tsaya, ya sake wuce tudunsa na ƙarshe, nan ne za a yanke. Ta sa'a ba ta da bakin faɗin alkibla. Lokacin shiga kawai take nunawa.

Na tambaye shi amfanin ta mako. Ya ce da ita yake ba Alhaji shawarar ko a ƙulla cinikin wata uku ko na wata shida. Sannan ya faɗi maganar da na fi riƙewa.

"Kowace takarda da maƙwabciyarta take magana. In ka ɗauki ta mako, abokiyarta ta kwana. In ka ɗauki ta kwana, abokiyarta ta sa'a. Kada ka tsallake. A sanda ɗaya na mako akwai sa'o'in kasuwa sama da talatin. Farashi zai yi sati uku yana zubewa, ta mako ba ta ko yi tari ba."

Na rubuta wannan a bayan littafina. Ban manta ba. Ina faɗi ne don kada wani ya yi mini uzuri da jahilci.

Akwai abin da kowa ya sani a masana'antar, ba a dai faɗa a fili. Idon Malam ya yi rauni. Yakan kai hancinsa har jikin takarda kafin ya ga layi. 'Yan'uwan Alhaji suna ta yi masa magana cewa ya sallami tsohon, ya isa hutu. Alhaji yana jin nauyinsa, domin tun zamanin cinikin gyaɗa suke tare. Amma ya taɓa cewa a gabana, "Muddin hanyarsa tana kai mu gida, yana nan. Ran da ta ɓatar da mu, shi ke nan." Malam kuwa yana da 'ya'ya biyu a makaranta da gidan haya a Hotoro. Kujerar nan ita ce abincinsu.

Ran da zai tafi asibiti ya tsaya a gaban bango ya daɗe. Wa'adinmu saura sati uku da 'yan kwanaki. Ta mako tana hawa tun watanni. Ta kwana kuwa ta karye: ta yi tudu, ta sauko, ta sake hawa ba ta kai na farko ba, ta faɗo ƙasa da kwarin baya. Ya ɗora yatsa a wurin.

"Ka gani, akawu?"

"Na gani, Malam."

"Kwana goma zan yi. Kasuwa za ta yi ta zabura a ta sa'a, kada ta ruɗe ka. In ta kwana ba ta rufe sama da wannan tudun ba, ka ce wa Alhaji a dakata. In ya yi faɗa, ka ce ni na ce."

Ya tafi ran Asabar. Ran Litinin farashi ya fara tashi. Ran Talata ya ƙara. Duk sa'a na'ura ta yi ƙara, in yago, in zana, layi yana ta hawa kamar matakala. Alhaji, wanda a da sai ya yi sati bai leƙo ofishinmu ba, ya shigo sau huɗu ran Talata. Wani abokinsa mai masana'anta a Bompai ya gaya masa shi ya riga ya yanke. Ya riƙa tambayata, ina cewa a dakata, yana fita ba sallama.

Ga inda laifina ya fara. Takardar kwana ta kusa cika, sandunan sun kusa kai bakin takarda ta dama. In haka ta faru, akan cire ta, a kwafe watanni biyu na ƙarshe a sabuwa, a mayar. Aikin rabin sa'a ne, kuma ba dole ba ne a ranar, domin akwai sauran gida biyu. Da safiyar Larabar nan na cire ta, na sa a aljihun tebur. Na gaya wa kaina kwafewa zan yi. Na fere fensir, na fito da sabuwar takarda. Amma ban kwafe ba. Na zauna ina kallon bango, ta mako a hagu tana hawa, ta sa'a a dama tana hawa, tsakaninsu ƙusa ita kaɗai. Na ji daɗin ganinsu haka. Kwana biyu ina fama da takardar da ke musu, yanzu babu mai musu.

A haka suka shigo. Heluma ya zo ne ya nemi a sa masa hannu a takardar fitar da buhuna daga sito, ya tarar da Alhaji a bakin ƙofa, suka shigo tare.

"To, ɗan bugun ƙasa," in ji heluma, "yau me aljanun London suka ce? Babban boka yana asibiti, an bar mana ƙaramin."

"Aikin lissafi ne, ba duba ba," na ce.

"Haka duk Bakano yake faɗa kafin ya cuce ka."

Alhaji bai yi dariya ba. Ya je gaban bango, hannuwansa a baya. Bai iya karanta takardun sosai ba, amma ya san hawa da sauka.

"Wannan sama take yi?"

"Sama, ranka ya daɗe."

"Wannan ma?"

"Ita ma."

"Ta nan fa?" Ya nuna ƙusar.

"Ta cika, ina kwafe ta."

Heluma ya ce, "Alhaji, ni dai a tukunyata, in na cire ma'aunin zafi don in wanke, ba na zuba sukari sai na mayar da shi." Ya faɗa ne da wasa, yana soka alƙalami a kunne. Ya karɓi takardarsa ya fita.

Alhaji ya juyo gare ni. "Kai, ban son kwana-kwana. Me Malam yake cewa? Ba cewa yake in babba da ƙarama sun yarda da juna a yanke ba?"

"Haka yake cewa."

"To sun yarda ko ba su yarda ba?"

Aljihun tebur yana jikin gwiwata. Abin da ya kamata in yi bai fi in ja shi, in shimfiɗa takardar, in ce babbar da Malam ke nufi ga ta nan, kuma tashin kwana biyun nan ko rabin tudun da ya nuna bai kai ba. Na lissafa dalilan da suka hana ni, na shekara da shekaru ina lissafa su. Na farko, tsoron muryar Alhaji. Na biyu, ni ma layin sa'a ya shiga idona, na fara jin cewa in muka dakata za a bar mu a baya, a ce akawu ne ya jawo. Na uku shi ne wanda na fi jin kunya: shekara huɗu ina yago takarda, ban taɓa zama wanda ya ce "yanzu" ba, kuma na so in ji yadda kalmar take a bakina.

Na ce, "Waɗannan biyun sun yarda, ranka ya daɗe."

Ban yi ƙarya a kalma ko ɗaya ba. Na zaɓi takardun da za su ba ni amsar da ake so ne kawai.

"Aika. Duka."

Malam yakan raba ciniki kashi uku, ya yanke kaɗan-kaɗan. Na san wannan ma. Na zauna a na'ura na buga cewa a yanke duka. Kafin azahar amsa ta dawo. Na yi alwala na bi jam'i a masallacin bakin ƙofa, na dawo na kwafe takardar kwana tsaf, na mayar da ita a ƙusarta. Da na zana sandan ranar da yamma, ya tsaya nesa da tudun da Malam ya nuna.

Ran Alhamis farashi ya tsaya cik. Ran Juma'a, muna dawowa daga masallaci, na tarar da takarda ta zubo daga na'ura har ƙasa. Duk abin da aka hau a kwana uku an sauke shi. Satin da ya biyo ya faɗa ƙasa da kwarin baya, ya ci gaba. Ni ne mai zanawa, don haka kowace yamma da hannuna nake auna tazarar da ke tsakanin inda muka yanke da inda aka kai, gida bayan gida. Ta mako kuwa, sai a Juma'a ta uku ta nuna alamar wani abu ya faru, kamar yadda aka gaya mini.

Alhaji ya kira ni ofishinsa na sama. Yana zaune, fanka tana kaɗa takardun tebur.

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Hanyar Malam ka bi, ko taka?"

"Tasa na bi, ranka ya daɗe."

Wannan karon ƙarya ce cikakkiya. Ya gyaɗa kai, ya ce in tafi.

Malam ya dawo bayan sati biyu, ba kwana goma ba, da baƙin tabarau a idonsa. Ya shigo a hankali yana dafa bango. Na miƙe na gaishe shi, na yi masa ya jiki. Ya riga ya ji labari a bakin ƙofa. Bai zauna ba, ya nufi takardun. Idon da aka gyara yana gani fiye da da, bai ko sunkuya ba. Ya bi ta kwana da yatsa har ranar Laraba, inda na yi ɗan gicciye da jan fensir, alamar ranar yankewa. Ya kai yatsa ga tudun da ya nuna mini. Ya dawo ga gicciyen. Sannan ya shafa takardar.

"Sabuwa ce."

"Waccan ta cika, Malam."

"Yaushe ka cire ta?"

"Ran Laraba."

"Da safe ko da yamma?"

Na'ura ta fara ƙara, na yi kamar zan je gare ta.

"Bar ta, ba za ta gudu ba," ya ce. Ya jira. Da ya ga ba zan amsa ba, sai ya cire hularsa ya ajiye a tebur, ya zauna. "Ta mako da ta sa'a ka nuna masa ke nan."

"Malam, Alhaji ya matsa mini."

"Na san shi kafin a haife ka. Ya matsa mini ni ma." "Ko da ta mako ka ce za ka bi, ai ta kwana za ka jira ta juyo. Ta kowace hanya ka bi, amsar tana cikin wadda ka cire."

Na tsaya ina jiran ya tashi ya hau sama ya faɗa wa Alhaji. Da ya yi haka, da an kore ni a ranar, kuma da na cancanta. A lokacin matata tana da cikin fari, ya sani, domin shi ya karɓa mini aurenta. Bai hau ba. Ya ce in kawo masa ruwa ya sha magani.

Washegari aka kira shi. Ban san duk abin da suka faɗa ba. Heluma, wanda ya je kai rahoton tukwane, ya ji ƙarshen maganar. Ya ce Alhaji ya ce, "Malam, zanen nan naku ya tsufa tare da ku." Malam ya ce, "Ni na bar ofis a hannun wanda na koyar, abin da ya fito nawa ne." Bai ƙara ba.

Heluma ya same ni a bayan sito ya gaya mini wannan. Ba wasa a fuskarsa, abin da ban taɓa gani ba.

"Bakano, ni ban san karatunku ba. Amma ranar nan ƙusa uku na gani, takarda biyu."

"Na gaya maka kwafewa nake."

"Ka gaya mini," ya ce. Ya tafi. Daga ranar bai sake kirana ɗan bugun ƙasa ba, sai dai "Malam akawu", a mutunce, kuma wannan ya fi mini ciwo.

Ƙarshen wata aka sallami Malam. An ba shi abin sallama, an yi masa addu'a a harabar masana'anta. Ina da kwana goma sha ɗaya tsakanin dawowarsa da tafiyarsa. Matakalar ofishin Alhaji ba ta fi taku ashirin daga ƙofata ba. Kullum da safe nakan ce yau zan hau, kullum yamma ta yi ban hau ba. Ran da zai tafi ya miƙa mini rularsa ta ƙarfe. Ya ce, "In za ka kwafe takarda, ka bar tsohuwar a bango sai ka gama." Iyakar faɗan da ya yi mini ke nan.

Wata uku Alhaji yana yanke farashi da jin maganar abokai. Da abin bai yi masa daɗi ba, ya sauko ya ce in ci gaba da zanen, tunda ni kaɗai na iya. Na zauna a kujerar Malam shekara tara. Na bi hanyarsa ba ragi, ta kwana ta faɗi alkibla, ta sa'a ta faɗi lokaci, a yanke kashi uku. Ba kullum ta yi daidai ba, babu hanyar da ke yin haka, amma ta rufa mana asiri. Alhaji yakan yabe ni a gaban baƙi, ya ce yaron ya fi malaminsa ido. Nakan sunkuyar da kai, su ɗauka kunya ce.

Na ziyarci Malam sau biyu a Hotoro. Karo na biyu na tarar yana rubuta wa mutane wasiƙa a ƙofar gida. Babban ɗansa ya bar makaranta ya shiga wata majema a Challawa. Na je da niyyar in ce ya yafe mini, sai muka ɓuge da hirar ruwan sama da tsadar taki. Da na koma karo na uku, an ce sun tashi, wai sun koma wajen Kumbotso. Na ce zan nema. Ban nema ba sai da na ji rasuwarsa a bakin wani direba, bayan an yi sadakar arba'in. Alhaji ma ya rasu yana ganin hanyar Malam ce ta ɓatar da shi.

Mutum biyun da ya kamata in faɗa wa sun riga ni. Saura 'ya'yan. Ban san abin da aka gaya musu game da barin aikin mahaifinsu ba, amma na san abin da aka riƙa faɗa a masana'anta, cewa idonsa ya mutu, lissafinsa ya rikice. Ba haka ba ne. Ya faɗi daidai kafin ya tafi asibiti, da yatsansa a kan wurin.

Kai mai karatu, in ka san wasu 'yan'uwa biyu a wajen Kumbotso ko Na'ibawa waɗanda mahaifinsu ya yi aikin sayen sukari a wata masana'antar alewa a Sharaɗa, aka sallame shi bayan aikin ido, ina roƙonka ka kai musu wannan rubutu, ko ka karanta musu. Ka gaya musu akawun mahaifinsu yana raye, yana so ya zo har gida ya faɗa da bakinsa, in sun yarda su karɓe shi.